Imel ɗaya zuwa ga diloli biyar: yaya zan rubuta shi don farashinsu ya kwatantu?

Sakataren_Kwamiti
Assalamu alaikum jama'a. Ni ne sakataren kwamitin ginin Islamiyyar unguwarmu a nan Kano, za mu ƙara aji biyu. Watan jiya na bugo wa diloli uku waya kan siminti da rodi da kwano. Wannan ya ba ni kuɗin rodi a kan tan, wancan a kan sanda ɗai-ɗai, na ukun ya dunƙule komai ya ce in kawo kaza ya kai mana har wurin gini. Da na kai zaman kwamiti sai aka rasa wanda ya fi sauƙi, aka tashi ba a yanke komai ba. Yanzu shugaba ya ce a yi a rubuce, a tura wa mutum biyar ta imel. Ga abin da na rubuta:

"Muna buƙatar siminti da rodi da kwanon rufi domin ginin aji biyu. Ku aiko mana da farashinku mafi sauƙi cikin gaggawa."

Ya isa haka? Sannan in sa adireshinsu duka a wuri ɗaya ne ko kuwa?

Dan_Sharada
Wa alaikumus salam. Zuba su duka a Cc kowa ya ga kowa. In mutum ya ga sunan abokin hamayyarsa a jere da nasa, da kansa zai sauko.

Hajiya_Sito
Malam Sakatare, kar ka bi ta Dan_Sharada a wannan. Shekaruna da dama ina aikin saye a wani kamfani, na ga ƙarshen irin wannan. Diloli biyar ɗin nan, in a Kofar Ruwa ka samo su, wataƙila sahu ɗaya suke bi a masallaci. Ka nuna musu juna, ka ba su damar su buga waya su ce kai ɗauki wannan, ni ka bar mini na gaba, sauran su rubuto kuɗi mai tsada don su rufa masa. Ko ba su haɗa baki ba, ɗaya zai danna Reply All cikin rashin sani, farashinsa ya faɗa akwatin sauran huɗun, shi ke nan wanda ya zo daga baya ya rage naira dubu biyar ya ci.

Sa adireshinka a gurbin To, su kuma ka sa su a Bcc, inda ba sa ganin adireshin juna. A cikin wasiƙar ka faɗa ƙarara cewa an aika wa masu kaya da dama. Sun san akwai gasa, ba su san da wa ba.

Amma ba nan matsalarka take ba. Abin da ka rubuta shi ne abin da ka faɗa a waya, don haka amsar da ka samu a waya za ka sake samu, sai dai wannan karon da hatimi a ƙasa. Muddin ka bar wa mai kaya ya zaɓi ma'auni, kowa zai zaɓi wanda kuɗinsa zai fito ƙarami. Kai za ka zana jadawalin: sunan kaya, siffarsa, ma'auni, adadi. Ka bar musu gurbi biyu kacal, kuɗin guda da jimla. Aikinsu cike gurbi.

Dan_Sharada
To Hajiya, na karɓi gyara a kan Reply All. Amma haɗa baki ko ba Cc suna iya yi, kasuwa ba ta ɓoye labari.

Hajiya_Sito
Suna iyawa. Shi ya sa ba a ɗebo duka biyar daga layi ɗaya. A nemo biyu daga wani wurin.

Abu_Hanifa_Gini
Ni ina da dila mai amana, shekara da shekaru nake saye a wajensa. Sakatare ka yi mini magana ta gefe in haɗa ku, ba sai ka wahalar da kanka da imel ba.

Sakataren_Kwamiti
Na gode Malam, amma kuɗin jama'a ne, sadaka aka tara. Takarda nake so in ajiye a gaban kwamiti. In dilan naka yana da imel turo, ya zama na shida.

Injiniya_Rijiyar_Zaki
Bari in tsaya a kan rodi, don a nan aka fi cin mutane. Nauyin rodi lissafi ne, ba ra'ayi ba. Ka ninka kaurinsa da kansa, ka raba da 162, ya ba ka kilo nawa ne a mita ɗaya.

```
12 x 12 / 162 = 0.89
0.89 x 12 = 10.7
```

Wato rodi mai milimita 12 cikakke, mai tsawon mita 12, kusan kilo 10.7 ne, tan ɗaya kuma sanda 93 zuwa 94. Riƙe wannan.

Yanzu a ce wani ya ce maka tan naira 1,000,000. Wani ya ce sanda ɗaya 10,300. Ka ninka 10,300 sau 94, ka samu 968,200, ka ce na biyun ya fi sauƙi da dubu talatin da wani abu. To amma in rodin na biyun sunansa kawai 12, in aka sa masa ma'auni milimita 11.3 ne, nauyinsa bai wuce kilo 9.5 ba. Raba 10,300 da 9.5, kilo ɗaya ya kama naira 1,084. Na farkon kilo ɗaya naira 1,000 ne. Wanda ka ɗauka mai sauƙi shi ne mai tsada, ga kuma ƙarfen da ya gaza abin da aka zana wa ginin, alhali yara ne za su zauna a ƙarƙashinsa.

Mai_Bulo_Kumbotso
Ai shi ya sa kullum nake cewa a saya a kan tan. Tan tan ne, sikeli ba ya ƙarya.

Injiniya_Rijiyar_Zaki
Rabin gaskiya ke nan Alhaji. Sikeli zai ba ka kilo 1,000 cif, amma bai gaya maka kaurin ba. In siririn ne, za a ƙirga maka sanda 105 a tan, ka koma gida kana murna an yi maka gyara. Yawan nan shi ne alamar cutar. Don haka a imel ɗin a rubuta duka: kauri milimita 12, tsawo mita 12, farashi a kan tan, sannan mai kaya ya rubuta da hannunsa sanda nawa ce a tan ɗinsa. Wanda ya rubuta 94 ya ɗaure kansa, ranar kawo kaya sai a ƙirga a auna. Wanda ya rubuta 104 ya gaya maka irin kayansa tun kafin mota ta taso.

Siminti ma kar ka ce "siminti" kawai. Buhu kilo 50 ne, amma akwai mai lamba 32.5 akwai mai 42.5, a jikin buhun ake bugawa. Ka tambayi wanda ya zana muku ginin wanne yake so. Kwano kuma kaurinsa da tsawonsa, da falle nawa ne a bandir.

Mai_Bulo_Kumbotso
Wallahi an taɓa ƙirga mini ɗari da biyu, har na yi wa mutumin addu'a.

Ummu_Khalil
Tambaya ta gefe. In ya sa su a Bcc ba zai tafi Spam ba? Na taɓa turawa mutum takwas haka, uku suka ce ba su gani ba.

Hajiya_Sito
Yana faruwa. Mutum biyar ne kawai, in ya ga dama ya tura wa kowa nasa daban, rubutu iri ɗaya ba ƙari ba ragi, a zama ɗaya. Ta haka ma zai iya kiran kowa da sunansa. Ko wanne ya yi, ya sa layi ɗaya: a amsa cewa an samu. Wanda bai amsa ba zuwa washegari a bugo masa a ce duba akwatinka, kar a ƙara masa ko kalma ɗaya a wayar.

Alhaji_Dila
Ku bari mu ma mu yi magana, tunda mu ake tura wa irin wannan takarda. Ni da yarona ne ke buɗe imel ɗin shago, yana karanta mini. In na ga an rubuta "farashi mafi sauƙi cikin gaggawa" ba adadi, ba wurin kaiwa, ba ranar biya, na san mai tambaya ne ba mai saye ba, ko in share ko in jefa masa lamba da ka. Ba mugunta ba ce. Buhu 50 da buhu 300 ba kuɗinsu ɗaya ba. Kaiwa Hotoro da kaiwa bayan Dawakin Tofa ba ɗaya ba. In tirela ba ta shiga lungun, sai an sauke an sake lodi a ƙaramar mota, wa zai biya 'yan dako?

Sai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Masu ofis suna son rubuta cewa farashi ya tsaya kwana 30. Siminti? Ni kaina wanda nake sarowa a wajensa ba ya ba ni tabbacin sati biyu. In ka tilasta mini kwana 30 zan yarda, amma zan ɗora wani abu a kai saboda tsaro, kai za ka biya. Ka ce kwana 7, ku kuma ku zauna ku yanke a cikin kwana 7 ɗin, za ka ga farashi na gaskiya.

Kuma ku faɗi yadda za ku biya. Kuɗi hannu farashinsa daban, bashi farashinsa daban. In ba ku faɗa ba, ni na lissafa a kan kuɗi hannu, maƙwabcina ya lissafa a kan sai bayan wata, kun ga ba abu ɗaya kuke kwatantawa ba.

Hajiya_Sito
Alhaji ya faɗi gaskiya, ko da yake mu masu kwana 30 ɗin ne yake yi wa shaguɓe. A kamfani takarda sai ta bi tebur huɗu kafin a sa hannu, dole mu nemi wa'adi mai tsawo. Kwamitin unguwa da zai iya zama bayan Isha'i ba ya buƙatar haka. Ni dai zan ce kwana 10, saboda in na farko ya janye a samu sararin komawa kan na biyu.

Alhaji_Dila
Goma ma da dama-dama Hajiya.

Sakataren_Kwamiti
Allah ya saka. Na zauna da wanda ya zana ginin, na sake rubutawa. Ku duba:

"Assalamu alaikum. Kwamitin ginin Islamiyya yana neman farashin kayan da ke cikin jadawalin da aka haɗo. An aika wannan wasiƙa ga masu kaya da dama.

Siminti mai lamba 42.5, buhu mai kilo 50, buhu 300. A rubuta sunan kamfanin da ya yi shi.
Rodi mai kauri milimita 12, tsawo mita 12, tan 2. Farashi a kan tan. A rubuta adadin sanda a tan ɗaya.
Kwanon rufi, kauri da tsawo kamar yadda yake a jadawali, bandir 15 mai falle 20.

A cike jadawalin yadda yake, kar a canja ma'auni. Farashi ya tsaya kwana 10. Za a biya gaba ɗaya ta banki ranar da aka kawo kaya aka ƙirga aka auna. A aiko da amsa ta wannan imel kafin ƙarfe 4 na yammacin Laraba mai zuwa."

Hajiya_Sito
Yanzu ka zo. Saura abu uku. Ba ka ce komai kan kaiwa ba, alhali Alhaji yanzu ya gama faɗa. Rubuta unguwar da kwatancen wurin, ka ce ƙaramar mota ce ke shiga in haka ne, kuma farashi ya haɗa da lodi da mota da saukewa. Ka sa wa kuɗin mota layinsa daban a jadawali, ka sa wa haraji nasa, sannan layin ƙarshe: jimlar abin da za mu biya, ba ƙarin ko sisi. Wannan layin za ku kwatanta.

Na biyu, "Laraba mai zuwa" ba rana ba ce. Wanda ya buɗe ranar Talata da wanda ya buɗe ranar Alhamis Larabarsu daban. Sa kwanan wata. Haka kwana 10 ɗin, ka ce daga ranar rufewa ake ƙirgawa. Ka kuma sa ranar da kuke son kayan su iso.

Na uku, ka faɗa ko za ku iya raba sayen, siminti a wajen wannan, rodi a wajen wancan. Wani yana karya kuɗin siminti ne don ya fanshe a kwano. In ka ɗauki simintin kaɗai ba tare da ka faɗa tun farko ba, zai ce bai yarda ba, kuma yana da gaskiya.

Dan_Maradi
Maganar haraji ta tuna mini. Mu a nan Nijar kashi 19 cikin 100 ne, don haka ba wasa ba ne. Takardar farashi tana zuwa da HT, wato ba haraji, ko TTC, wato an haɗa. Na taɓa jera takardu biyu na kayan ofis, na zaɓi mai ƙaramar lamba, ashe ita HT ce. Ranar biya ne ido ya raina fata. Tun daga nan a wasiƙar nake rubuta a ba ni duka biyun.

Hajiya_Sito
Mu namu VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020. Bai kai naku ba, amma a kan miliyan biyu naira 150,000 ne. Kuma wani zai caja, wani ƙaramin ɗan kasuwa ba zai caja ba, shi ya sa layin harajin yake da amfani. Wanda ba ya caja ya rubuta sifili.

Lauje_Cikin_Nadi
Duk wannan dogon turanci ne. Ka karɓi takardun, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka bugo wa sauran ka ce an ba ni kaza, za ka iya yin ƙasa? A haka ake samun sauƙi. Wa ya taɓa sayen kaya a Kano bai yi tayi ba?

Alhaji_Dila
Ka yi mini haka sau ɗaya, karo na gaba zan rubuto maka lamba mai kumbura in jira wayarka. Ka ɓata takardar ke nan, mun koma ciniki irin na bakin shago.

Malam_Doka
A gwamnatin tarayya wannan haramun ne ma. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce in za a nemi farashi ta wannan hanya a nema daga aƙalla mutum uku da ba su da alaƙa da juna, kowa farashi ɗaya zai bayar ba zai canja ba, kuma ba ciniki a kansa. Dokar ba ta hau kan kwamitin Islamiyya ba, amma in kuna son kwaikwayo ku rubuta a wasiƙar cewa farashin da aka aiko shi ne na ƙarshe.

Lauje_Cikin_Nadi
To gwamnatin da ke bin wannan doka ita ce ke sayen kaya da araha? Ku bar ni in yi shiru.

Ummu_Khalil
Ni ina tsakiya. Kai farashin wani wajen wani, wannan cin amana ne. Amma in an gama zaɓe, a ce wa wanda ya ci, Alhaji ginin makaranta ne, ko za ka sa albarka ka ɗauke mana kuɗin mota, ban ga laifi ba.

Malam_Doka
In dai bayan an rubuta sakamako ne an sa hannu, ba kafin nan ba.

Sakataren_Kwamiti
Na tura jiya da gyaran Hajiya, na sa har da cewa farashi ɗaya ne ba ciniki, kuma za mu iya raba sayen. Yau ɗaya ya bugo yana tambaya ko mun yarda da kwano mai launi, kuma ko zai iya kawo simintin kashi biyu. Na ce masa zan kira shi. Me zan ce?

Hajiya_Sito
Madalla da ba ka amsa a waya ba. Duk abin da ka gaya wa ɗaya sai sauran sun ji. Rubuta gajeren imel ga dukansu ta Bcc: an yi tambaya kaza, amsa kaza. Kar ka faɗi wanda ya tambaya. In ka ce masa shi kaɗai zai iya kawowa kashi biyu, ka sauƙaƙa masa abin da sauran ke lissafawa da wahala. In amsar ta canja wani abu babba, ƙara wa kowa kwana ɗaya ko biyu.

Kuma in amsoshi sun fara shigowa kar ka buɗe takardun da aka maƙalo. Bari sai lokaci ya cika, ku buɗe kai da ma'aji da wani mutum ɗaya. Kanka kake karewa, don gobe kar a ce sakatare ya leƙa ya gaya wa mutuminsa.

Dan_Sharada
Wanda ba shi da imel fa? Da yawan masu kaya na gaske WhatsApp kawai suke yi.

Alhaji_Dila
A turo masa jadawalin ta nan, ya buga a shagon kwamfuta, ya cike da biro, ya sa hatimi, ya ɗauki hoto. Ba hanyar ce matsala ba, jadawalin dai ya zama ɗaya.

Sakataren_Kwamiti
Ga yadda ta kaya. Uku sun amsa kafin ƙarfe 4, ɗaya bai amsa ba sam, ɗaya kuma ya turo ƙarfe 9 na dare bayan mun riga mun buɗe.

A cikin ukun, ɗaya ya rubuta sanda 103 a tan, Injiniya ka ga abin da ka faɗa, muka cire shi a layin rodi. Saura biyu, duka sun rubuta 94. Na farko tan naira 1,000,000, ya sa sifili a haraji da mota ya ce suna ciki, jimla 2,000,000. Na biyu tan 930,000, tan biyu 1,860,000, ma'aji har ya fara murmushi. Sai layin haraji 139,500, layin mota 60,000, jimla 2,059,500. Wanda ya fi sauƙi da 140,000 a sama ya fi tsada da 59,500 a ƙasa. Da a waya ne da shi muka ba.

Damuwata ita ce wanda ya turo ƙarfe 9 na daren nan. Ya cike komai daidai, sanda 94, kuma jimlarsa ta rodi ta yi ƙasa da ta na farkon da 45,000. Ya ce wuta ce babu, wayar yaronsa ta mutu. Shugaba ya ce kuɗin marayu da talakawa ne, a karɓa. Ma'aji ya ce a'a.

Malam_Doka
Ma'aji ne da gaskiya. Kun rubuta ƙarfe 4. Mutum uku sun ga farashin sauran kafin nasa ya shigo, ba yadda za ku tabbatar wa jama'a labari bai fita ba, ko da bai fita ba.

Lauje_Cikin_Nadi
Dubu arba'in da biyar buhun siminti nawa ne? Za ku zubar saboda awa biyar?

Hajiya_Sito
Sakatare, ka rubuta a wasiƙar cewa wanda ya makara ba za a duba nasa ba?

Sakataren_Kwamiti
Ban rubuta ba Hajiya. Lokacin kawai na sa.

Hajiya_Sito
To ga ƙofar da shugaba ya shigo ta nan. Ni da ni ce ba zan karɓa ba. In kwamiti ya nace, hanya ɗaya mai tsabta ita ce a soke layin rodi, a sake tura wa kowa da sabon lokaci, har da shi, a gaya musu dalili. Sai dai ku sani kwana 10 ɗin sun fara tafiya a kan siminti da kwano, ku ba da waɗannan tun yanzu.

Alhaji_Dila
In ni ne na farkon nan da na turo a kan lokaci, aka ce in sake rubutawa saboda wani ya makara, ba zan sake ba. Ku tambayi kanku ko shi zai sake.

Injiniya_Rijiyar_Zaki
Ko wa kuka ba, ranar da mota ta zo kar a sauke sai an zaro sanda uku daga tsakiyar ɗauri, ba na sama ba. A auna tsawo da tef, a ɗora a sikeli. In sanda ta yi ƙasa da kilo 10, motar ta juya da kayanta.

Sakataren_Kwamiti
Siminti da kwano mun bayar yau da safe. Na rodi kwamiti zai zauna gobe bayan Isha'i, shugaba da ma'aji kowa na kan bakansa. Akwai mai sikelin rataye da zai ara mana ranar Asabar?